Hoton Karen Inna

Shekarar da Inna ta baro Ruma ta dawo Batsari, abin da ta iso da shi bai wuce tumakinta da awakinta ba, sai tukwane da tabarmi, sai wani baƙin kwikwiyo a cikin kwando. Mahaifinmu ya riga ya rasu, kuma zaman ƙauyen ya gagara: yau a ce an kore shanun wane, gobe a ce an tare hanya. Ni a lokacin ina aure a cikin gari, ina koyarwa a firamare. Na yi na yi da ita ta zauna wurina, ta ce ba a yi ta da zaman gidan suruki ba. Kawunmu, ƙanin mahaifinmu, shi ya ba ta wani ɗan gida mai ɗaki biyu a bakin gari, da fili a gabansa inda za ta kafa turakun dabbobinta.

Kwikwiyon kyauta ce daga ƙawarta, wata Bafillatana da ta shekara da shekaru tana kawo mata nono, mu kuma muna kiranta Goggo. Su ma a lokacin suna naɗe rugarsu za su tashi. Ta miƙo mata shi ta ce, “Riƙe wannan, inda za ki ba ki da namiji a gida, zai tsare miki bisashe.” An riga an datse masa kunnuwa tun yana jariri, yadda makiyaya da mafarauta da yawa ke yi wa karnukansu.

Inna ba ta taɓa barinsa ya taka ɗaki ba. Kaskonsa daban, makwancinsa a gindin turken tumaki. Amma fa tana ciyar da shi. Ƙanzo, ragowar tuwo, tsarin nono, ƙashi in an samu, duk nasa ne. Kafin ya shekara biyu ya zama ƙato, ya fi duk karnukan unguwar cika, gashinsa baƙi wuluk yana sheƙi. Ƙafafunsa da gefen bakinsa ja ne, kuma a saman kowane ido akwai ɗigon ja kamar an ɗiga masa da yatsa. Tunda ya girma ba a taɓa kwance wa Inna ko ɗan akuya ba, alhali maƙwabta na kuka da ɓarayin dabbobi.

Rigimar ta taso ne wata safiya. Maƙwabcin Inna, wanda ke da shagon cajin waya a bakin titi, ya aiko 'yarsa ƙarama ta karɓo madarar akuya. Yarinyar ta shigo da gudu ta ratsa tsakiyar tumaki. Karen ya zabura ya yo kanta da haushi, ta juya ta faɗi, ta ƙuje gwiwa, kwanon ya yi gefe. Bai cije ta ba, Inna na daka masa tsawa ya tsaya. Amma yarinyar ta yi kukan da ya tara mutane.

Ba na ganin laifin uban da ya tayar da hankalinsa. Babbar 'yarsa wani karen kan titi ya taɓa cizonta, sai da suka yi ta jigila zuwa Katsina ana yi mata allurai, ya sha wuya ba kaɗan ba. Da yamma ya zo ya tsuguna a bakin danga ya ɗauki karen hoto da wayarsa. Akwai wata manhaja da ake saka mata hoton kare ta faɗi irinsa. Ya saka, ta ce masa kaso mafi yawa na jinin karen nan Rotwaila ne. Ya bincika sunan, ya ga hotunan wasu manyan karnukan Turawa baƙaƙe masu jan baki da ɗigo a saman ido, ya karanta labaran waɗanda irinsu suka yi wa rauni. Shagonsa kuwa nan ne majalisar samarin unguwa. Kafin gari ya waye kowa ya ga hoton, kuma maganar ta ƙaru a hanya. Wasu suka ce irin karen nan ba ya sabo, ranar da ya ga dama uwargijiyarsa zai fara ci. Wasu suka ce ai daga daji aka zo da shi, wa ya san hannun da ya fito.

Mai Unguwa ya aika aka kira Inna. Muka je da ita, ni da Kawu. Bayan an gaisa ya ce, “Baiwar Allah, ba a hana ki kiwo ba, kuma kare don tsaron dabba halal ne, kowa ya sani. Amma an ce wannan ba irin namu ba ne. Unguwa cike take da yara. Ki nemi inda za ki kai shi.”

Kowa a wurin ya san inda ake kai irin wannan kare: ko a ba masu sayen karnuka su wuce da shi kudu, ko a kashe. Inna ta gyara zama ta ce, “Ranka ya daɗe, mi ya yi? Haushi ya yi, aikinshi ke nan. Wanga kare a gaban idona aka ciro shi daga ƙarƙashin uwarshi. Turawa ba su taɓa zuwa rugar nan ba.”

Maƙwabcin ya ɗaga wayarsa. “Inna, ba ni na faɗa ba. Ga shi nan a rubuce.”

Na roƙi Mai Unguwa ya ba mu 'yan kwanaki in kai hoton wurin likitan dabbobi. Ya amince, da sharaɗin a ɗaure karen kafin nan. Da muka koma, muna kaiwa ƙofar gida Inna ta ce, “Na bar gidana, na bar gonata, na bar kabarin ubanku. Wannan kam ba ni barin shi don wani hoto.” Da na ji haka na san ba ni da wurin ja da baya.

Washegari bayan an tashi daga makaranta na nufi ofishin dabbobi. Na tarar da likitan a waje yana duba kofaton wani rago, na jira ya gama ya wanke hannu. Mutum ne mai sanyin magana, furfura ta fara fito masa. Na nuna masa hoton da maƙwabcin ya turo mini, na faɗa masa abin da ya faru. Abin da nake so, na ce, shi ne ya rubuta mini takarda cewa karen nan ba Rotwaila ba ne.

Ya daɗe yana kallon hoton, yana buɗa shi da yatsu.

“Malama, wanda ya ɗauki hoton nan a tsugune yake, ko?”

Na ce haka aka ce mini.

“Kuma ya matso da wayar kusa da fuskarsa. Kin ga yadda kan ya cika hoton, jikin ya tsuke a baya? Ko akuya kika ɗauka haka sai ta yi ƙaton kai. Sannan babu komai a gefensa da zan auna tsayinsa da shi. Ban sani ba ko ya kai gwiwata ko ya kai ƙuguna. Kunnuwan kuma wuƙa ce ta yi su haka, ba gado ba ne. Da an bar su da na ga ko tsayayyu ne ko masu faɗuwa.”

“To launin fa, Likita? Shi ne abin da suka riƙe.”

“Launin ya yi kama, ba musu. Amma baƙi da jan ƙafa da ɗigon ido ba na Rotwaila kaɗai ba ne. Akwai shi a karnuka iri-iri, har da namu na ƙauye. Kuma launi ne mai ɓuya. Uwa ja, uba ja, kowannensu na ɗauke da shi a jini ba a gani, sai ya fito a ɗa guda cikin 'ya'yansu. Kin san yadda farar tunkiya kan haifi baƙin ɗa a garken da ba baƙin rago? Kusan haka ne.”

Wannan na gane shi sarai, don na gani a turken Inna.

Ya tambaye ni ko ina da wasu hotunan karen. Ina da su, na ɗauka lokacin da tumaki suka haihu. Ya sauke irin manhajar a wayarsa, muka zauna a benci. Ya saka wanda karen ke tsaye ta gefe, dogayen ƙafafunsa da shafaffen cikinsa sun fito. Manhajar ta ce Dobaman ne, wani irin karen Turawan daban. Ya saka wanda yake kwance a rana, baƙin ya yi haske, wutsiyar ta lanƙwashe. Ta kawo sunan wani iri na daban da ban taɓa ji ba. Kare ɗaya, amsa uku.

“Ba ƙarya take da gangan ba,” in ji shi. “An nuna mata hotunan karnukan da Turawa suka ware suka ba suna, ta haddace kamanninsu. Duk abin da kika ba ta sai ta nemo wanda ya fi kusa a cikin waɗanda ta sani, ko da naki ba ya ciki. Karnukanmu kuwa yawancinsu ba gaurayen karnukan Turawa ba ne. Nasu iri ne, suna nan tare da mutanenmu tun kafin a fara wannan rarrabewar. Kuma ko kare gauraye ne da gaske, abin da ido ke gani, launi, tsawon gashi, kunne, baki, ɗan kaɗan ne daga abin da ya gada. Sai a haɗa iri biyu sanannu, 'ya'yan su fito ba su yi kama da ko ɗaya ba. Mu da muka karanta aikin ma, in aka ba mu hoto, hasashe muke yi, kuma sau da yawa muna kuskure.”

Na ji daɗi har cikin raina. Na ce, “To a rubuta mini haka, a ce ba shi ba ne.”

Ya girgiza kai. “A'a, Malama. In hoto bai isa in ce shi ne ba, bai isa in ce ba shi ba ne. Ba zan sa hannu a kan abin da ban sani ba.”

Sai na ji kamar an zare mini tabarma. Na tambaye shi ko babu wata hanya ta tabbatarwa. Ya ce akwai gwajin da ake goge yawun kare a aika ƙasar waje, amma ba a yin sa a nan, kuma shi ma kwatantawa yake da irin da aka tara a can, ba lallai ya san karnukan yankinmu da kyau ba. Sannan ya ce, “Abin da ya fi hoto shi ne iyaye. In uwar na raye, ki gan ta. Ni kuma ki sa rana in zo in ga karen da idona. Amma ki sani, abin da na gani shi zan faɗa, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba.”

Na ce na yarda.

Neman Goggo ya fi yadda na zata wuya. Tunda suka tashi ba mu sake jin ɗuriyarta ba, kuma ba ta riƙe waya. Na bi masu tallar nono a tasha ɗaya bayan ɗaya ina kwatance. Wasu suka yi mini kallon rashin yarda, don zamanin ya sa ba a son mai yawan tambayar inda wane yake. Sai da na kawo Inna da kanta, wata dattijuwa a cikinsu ta gane ta, sannan ta ce mana su Goggo sun sauka kusa da Safana, ta wajen hanyar Runka, kuma Goggo na shigowa da nono ranar kasuwa.

Maigidana bai so tafiyar ba. Ya ce, “A kan kare za ki hau hanyar nan?” Na ce ba a kan kare ba ne, a kan Inna ne. Daga baya ya nemo wani direba da ya sani, ya ce in tafi da hantsi lokacin da motoci ke bin juna, in juyo kafin la'asar ko na same ta ko ban same ta ba. Inna ta so ta bi ni, na hana, don ba mai kula da dabbobi. Ta ƙulla mini goro da sabulu a leda in kai wa ƙawarta.

Na shiga motar muka kama hanya. Duk inda aka zo gonakin da aka bari ba noma sai in ga mutane sun zuba wa gefen hanya ido. Muka wuce shingen jami'an tsaro, muka isa lafiya. Na zaga rumfunan masu nono sau biyu ban gan ta ba. Har na fara tunanin komawa, sai na ji an kira ni da sunan da ake kirana ina yarinya. Ta rame, ta tsufa, amma ita ce. Ta riƙe hannuna tana tambayar Inna, da tumaki, da ciwon gwiwarta, sai da ta ƙare gaisuwa kaf sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni.

Ta yi dariya har ta dafa ƙwarya. “Karen Turawa? A rugarmu? Zo ki ga Baturiyar.”

Ta bar wa wata nonon, muka hau mashin. Rugar ba ta da nisa da gari, bukkoki kaɗan da shanun da ba su kai rabin waɗanda na sani ba. Ta yi kira, sai ga wata karya ta fito daga inuwar bukka. Ja ce, launin ƙasa, siririya, haƙarƙarinta a waje, bakinta dogo, wutsiyarta a naɗe, kunnuwanta a datse. Irin karyar da za ka wuce a kowane ƙauye ba ka waiwaya ba. A bayanta wata ta biyo, fara mai dabbare-dabbaren ja.

“Wannan uwarsa,” in ji Goggo. “Waccan kuma cikinsu ɗaya da shi, rana ɗaya aka haife su.”

Na tsaya ina kallonsu. Ba don ita ta faɗa ba, da ba abin da zai sa in haɗa su da karen Inna. Sai da na ƙura ido na ga tafiyar iri ɗaya ce, da yadda suke karkata kai in an yi magana. Ko wannan ma ban sani ba ko idona ne ke nuna mini abin da nake so in gani.

“Uban fa, Goggo?”

“Wa ya san uban kare, ɗiyata? Lokacin karnuka sun fi uku suna bin ta. Akwai jan karen wani mafarauci, akwai namu, akwai wani da ban san daga inda ya fito ba.” Ta yi ɗan tunani. “Amma uwar wannan jar karyar ta taɓa haifar baƙi mai ɗigon ido. Kura ta ɗauke shi yana ƙarami.”

Na ɗauki hotuna yadda likita ya koya mini: ta gefe, ta gaba, daga ɗan nesa, Goggo na tsaye kusa don a ga tsayinsu. Na kuma ɗauki muryarta tana faɗin abin da ta faɗa mini. Ta cika mini gora da kindirmo ta ce in kai wa Inna, in ce mata kada ta yarda. Na iso Batsari ana kiran la'asar.

Ranar da aka sa, likita ya zo a kan mashin ɗinsa da 'yar jakarsa. Aka taru a ƙofar gidan Mai Unguwa, mutanen sun fi waɗanda aka gayyata yawa. Na kunna muryar Goggo, na nuna hotuna. Sannan na tura wa maƙwabcin hoton uwar na ce, “Malam, don Allah saka wannan a manhajarka, da hannunka.”

Ya saka. Ta ce Basenji, wani irin kare na can tsakiyar Afirka. Ya saka na farar, ta kawo wani suna daban. Babu Rotwaila a ko ɗaya. Wani daga baya ya yi dariya, Mai Unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru.

Maƙwabcin bai ji kunya ba, kuma bai kamata ya ji ba. Ya ce, “To na ji, uwar ta gida ce. Uban fa? Ita kanta mai karyar ta ce ba ta san shi ba. In daga wurinsa ya ɗauko fa?”

Kowa ya juya wurin likita. Ni ma na juya.

“Tambayarka daidai ce,” ya ce. “Ba wanda ya san uban. Karya ma kan haifi 'ya'yan uba fiye da ɗaya a ciki guda, don haka 'yar'uwarsa ba ta isa shaida a kansa ba. Abin da zan ce, da wuya a samu irin wancan kare yana yawo a bakin daji, masu shi a birni suke kuma ba sa sakin sa. Amma da wuya ba ya nufin ba zai yiwu ba. Ku tashi mu je mu ga karen, ya fi mu yi ta gardama a kan waya.”

Muka ɗunguma. Karen na hango taron ya miƙe a igiyarsa yana haushi, gashin bayansa a tsaye. Na ji wasu na cewa, “Kun gani ko?” Likita ya ce kowa ya ja baya, ya bar Inna ta matsa ita kaɗai. Ta yi masa magana a hankali, ta dafa wuyansa, ya sauke murya ya zauna. Likitan ya matso ta gefe, ba ya kallon idonsa, ya tsaya har karen ya shinshina takalminsa. Ya sa Inna ta ɗaure masa baki da tsumma, sannan ya shafa ƙirjinsa da bayansa, ya duba ƙafafu, ya gwada tsayinsa da gwiwarsa.

Da ya miƙe ya ce, “Ƙirjinsa bai da faɗi, ƙafarsa doguwa, bakinsa dogo. Ginin karen gida ne da ya samu abinci. In hasashe kuke so, wannan ne nawa, kuma hasashe ne.” Ya juya wurin Mai Unguwa. “Amma, ranka ya daɗe, ko da an tabbatar mini da irinsa, ba shi zai gaya mini halinsa ba. A kowane iri akwai mai haƙuri akwai mai faɗa. Abin da na gani, kare ne mai tsaron garke, yana jin maganar mai shi, ba ya son baƙo ya kusanci dabbobin. Kuma hanyar shiga gidan nan ta tsakiyar garken ta bi. Duk yaron da aka aiko sai ya ratsa gabansa.” Sannan ya dubi Inna. “An taɓa yi masa allurar haukan kare?”

Inna ta ce ba ta san ana yi ba.

“To wannan ya fi damuna a kan sunan kakansa. A nan maƙwabcinki yana da gaskiya, Inna. Da ya ciji yarinyar nan, da maganar da muke yi yanzu daban ce.”

Na ga fuskar Inna ta canja. Ta zo ne a wanke karenta tas, sai ga shi an ba ta rabin laifi. Ni ma ban so jin haka a gaban mutane ba, amma na riga na ce na yarda.

Mai Unguwa ya yanke magana. Kare zai zauna. Za a yi masa allura yanzu, kuma a riƙa maimaitawa duk shekara. Za a kewaye garken da danga mai ƙarfi, a fitar wa gidan wata ƙofa ta daban. Da rana yana ɗaure, in dare ya yi a sake shi a cikin dangar. In aka ƙara ganinsa a waje, ba sai an sake zama ba. Ya tambayi maƙwabcin ko ya gamsu. Ya ce bai gamsu ba, amma ya bi. Har yau 'ya'yansa ba sa zuwa karɓar madara, matarsa ke zuwa da kanta, kuma shi a ransa karen yana da jinin Turawa. Ba ni da abin da zan nuna masa in ce ƙarya ne.

Likita ya yi allurar a nan take. Karen ya yi ƙara ɗaya, Inna na riƙe da wuyansa tana ce masa ya yi haƙuri.

Kawu ya ce a bari sai bayan girbi, in an samu kara da masu aiki, a yi dangar. Inna ta ce ba ta ba kowa hanyar sake kai ta ƙara. Washegari Asabar ce, na zo da safe na tarar har ta fara haƙa ramukan dirka da tsohuwar fartanyar mahaifinmu, ta jera itatuwan da ta roƙo a maƙwabta. Na ce ta bari in nemo samari. Ta ce in na nemo su su tarar da ita tana yi. Na tuɓe mayafi na ɗaura ɗamara, na karɓi fartanyar. Ƙasar wurin tauri gare ta, sai mun zuba ruwa mun jira ta sha sannan ta haƙu. Muka yi ta yi har rana ta take, hannuna ya yi kanta. Wajen azahar Kawu ya iso da zana a kan amalanke, yana faɗan cewa mun sa ana yi masa kallon wanda ya bar mata da aiki. Inna ta nuna masa inda take so a fasa katanga a fitar da sabuwar ƙofa, ta gefen da ke kallon titi, nesa da turakun dabbobi. Kafin magariba an kafa rabin dangar, sauran muka ƙarasa washegari.